Ƙarfe Bakwai Ta Wuce

Habibu ya dawo daga aikin dare ƙarfe 5:40 na safe, ya tarar da fitilar ɗaki a kunne. Rukayya na zaune a bakin gado, ta jingina da bango, Amira kwance a ƙirjinta, bakin yarinyar a buɗe.

"Yanzu zazzaɓin ya sauka," ta ce a hankali. "Don Allah Abban Amira, kada wayarka ta tashe ta. Tun ƙarfe ɗaya nake jijjiga ta."

"Ba za ta yi ƙara ba. Ki kwanta ke ma."

Ya shiga wayar ya kashe ƙararrawa biyun da ya saita tun jiya. Ai yana da agogo. Wata takwas ke nan agogon hannun nan na zamani yana tashinsa ba tare da kowa ya ji ba: wani ɗan inji ne a cikinsa yake girgiza a kan fata, sai mutum ya farka, na kusa da shi na ta barcinsa. Dalilin da ya sa ya saye shi ke nan bayan haihuwar Amira. Ya saita ƙarfe 7:00, ya duba sau biyu ya tabbatar ta safe ce. A saman allon ya ga batir ya rage kashi 11. Ya yi tunanin ɗora shi a caji, amma agogon da ke kan caji ba ya kan hannu, girgizarsa kuwa a kan tebur wa za ta tasa? Awa ɗaya da 'yan mintuna ce kawai. Ya ƙara matse maɗaurin, ya kalli farar rigar da ya goge ya rataye a jikin ƙofa, ya kwanta.

Intabiyun ƙarfe 9:00 ne. Gurbin akanta ne a wani kamfanin rarraba magunguna, aikin rana, mai albashin wata da hutun ƙarshen mako. Shekara uku yana ƙirga kwalaye a rumbun ajiyar kaya cikin dare, takardar shaidar karatunsa na cikin jaka.

Yana barci agogon na aikinsa. Koren hasken da ke bayansa yana walƙiya a kan fata, yana auna bugun zuciya, yana lissafin zurfin barci, duk daga ɗan abin da ya rage a batir. Da cajin ya kusa ƙarewa sai ya koma yanayin tsimin batir. Ya yanke hulɗa da waya, ya rufe manhajojinsa, ya bar abu ɗaya tak, wato nuna lokaci. Ƙararrawa na cikin abin da ya rufe. Ƙarfe 7:00 ta zo, lambobin suka canja daidai, babu abin da ya motsa.

Zafin rana da ya shigo ta labule ne ya tashe shi. Ya danna gefen agogon, ya ga 8:34 a kan baƙin allo, da 'yar alamar batir a ƙasa. Ya sake dannawa. 8:35.

"Rukayya!"

Sai Amira ta fashe da kuka.

Bai yi wanka ba. Ya watsa ruwa a fuska, ya zura rigar, maɓalli ɗaya ya shiga ramin da ba nasa ba, ya kwance ya sake. Rukayya ta miƙo masa fayil ɗin takardu da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe da yarinya, idanunta sun cika da hawaye.

"Ni na ce ka kashe ta waya."

"Ke kin roƙi abin da ya kamata. Ki ba ta maganinta ƙarfe goma."

Tafiyar minti 40 ce idan hanya ta yi kyau, hanya kuwa ba ta yi kyau ba. A cikin mota ya kira lambar da ke ƙasan takardar gayyata. Sau biyu ba a ɗauka ba. A karo na uku wata mata ta amsa, ya faɗi sunansa, ya ce zai makara, yana neman afuwa.

"Malam, sun kira sunanka tun ɗazu. Wanda ke bayanka ya shiga."

"Ko zan iya zuwa in jira?"

Ta ɗan yi shiru. "Jira kam ba a hana kowa ba. Amma ban yi maka alkawarin komai ba."

Ƙarfe 9:31 ya iso. Mutum shida ne a kan kujerun baranda, kowa da fayil a cinya. Ya zauna a ƙarshen layi. Ana kiran suna, mutum ya shiga, ya fito bayan rabin awa, fuska ba ta nuna komai. A nan zaune ya tsara ƙarya kala-kala: cunkoson hanya, tayar mota, rashin lafiyar yarinya, wanda ma rabinsa gaskiya ne. Kowacce ta fi abin da ya faru daɗin ji. Mutum mai neman a damƙa masa lissafin kamfani, ya ce agogo ne bai tashe shi ba? Wajen ƙarfe 11:00 ya danna agogon don ya ga lokaci, allon ya ƙi kawowa gaba ɗaya. Ya cire shi ya sa a aljihu. Maɗaurin ya bar masa shaida a wuyan hannu.

Ƙarfe 1:10 na ƙarshe ya fito. 'Yan kwamitin suka biyo bayansa, maza biyu da wata dattijuwa mai tabarau, tana sa takardu a jaka. Sakatariyar ta matsa kusa da ita ta yi mata magana a kunne. Dattijuwar ta juyo.

"Kai ne na ƙarfe tara?"

Ya miƙe. "Ni ne, ranki ya daɗe."

"Me ya faru?"

"Aikin dare nake yi. Na dawo na kwanta, na dogara da ƙararrawar agogo ita kaɗai saboda 'yata ba ta da lafiya, ba na son ƙarar waya ta tashe ta. Na ga batir ya yi ƙasa, na ɗauka zai kai. Bai kai ba."

"Ka gani, ka ɗauka zai kai," ta maimaita. Ɗaya daga cikin mazan ya duba wayarsa. "Tun yaushe kake zaune a nan?"

"Tun tara da rabi."

Ta ajiye jakar a kan teburin sakatariya. "Minti goma sha biyar. Su sun samu talatin, ba zan daidaita ka da su ba. Shigo."

Ko gama zama bai yi ba ta turo masa takarda mai layi biyu na lambobi.

"Littafin rumbu ya ce kwali 480, ƙirgen hannu ya ce 462. Daga ina za ka fara nema?"

Habibu ya jawo takardar gabansa, ya zaro biro daga aljihun riga.

"Daga takardun karɓar kaya na makon, ranki ya daɗe. Sai in ga waɗanda aka mayar, ko an cire su daga littafi. A ba ni su in duba."