Kafin ka hau trotro zuwa Zongo Lane siyo tiransista, karanta detashit tukun

Salamu alaikum samari. Jiya wani yaro da ke koyon gyara a shagona nan unguwar Nima a Accra ya haɗa ƙaramin firi-amf guda biyu, sakit ɗaya, resista iri ɗaya, BC547 a duka, ɗaya na magana garau ɗayan kuma murya a shaƙe kamar mai mura, ya ce "Oga, wallahi jabu suka sayar mana". Na ce kawo in gani. Na ɗaga su a haske, ɗaya BC547A ɗayan BC547C. Ba jabu ba ne, bai karanta detashit ba ne kawai, wato takardar bayanin da kamfani ke fitarwa kan tiransistan.

To mu fara da gen, wanda za ka gani an rubuta hFE. Shi ne sau nawa tiransista ke ninka karan ɗin da ka zuba a bes ya fito a kalekta. Abin da sabbin shiga ba sa ganewa, ba lamba ɗaya ba ce. BC547A daga 110 zuwa 220 ne, B daga 200 zuwa 450, C kuma 420 har 800, ko cikin leda ɗaya ka zaro biyu ka sa a ramin hFE na mita sai ka ga sun bambanta. Kuma duba gefen lambar, akwai sharaɗi, an auna ne a IC, wato karan kalekta, 2mA da VCE, wato baltej tsakanin kalekta da emita, 5V, in ka ja karan mai yawa gen ɗin sauka yake, in ya yi zafi kuma hawa yake. Ni dai layin Typ ba ruwana da shi, Min nake kallo, shi ne alkawarin da kamfani ya yi maka. A amf kuma ka sa resista a emita, shi zai riƙe bayas ko wane gen ya faɗo hannunka, abin da yaron nan bai yi ba kenan.

In suwic kake so ya yi maka, misali rile mai 12V da ke cin 70mA, ka ma manta da 400 ɗin da mita ta nuna maka. Duba layin VCE(sat), za ka ga sun auna da 100mA a kalekta 5mA a bes, wato ashirin da ɗaya. To 70 raba 20 ya ba ka 3.5mA, daga 5V resista 1.2k ya isa. Kar ka manta dayod 1N4007 a kan koyil ɗin, in ba haka ba ranar da rile ya saki sai tiransista ya ce ga garinku.

Sai akwatin da ke sama, Absolute Maximum Ratings. Wannan bakin rijiya ne, ba wurin wasa ba. BC547 VCEO, wato iyakar baltej tsakanin kalekta da emita, 45V, IC 100mA, amma ba wai duka biyun a lokaci ɗaya ba, 45V sau 100mA wat 4.5 kenan, shi kuwa ɗan mitsitsin nan wajen rabin wat kawai yake ɗauka. Ni ina barin tazara, sakit na 24V ba na sa wanda bai kai 45V ba. VEBO ma, iyakar baltej a juye tsakanin emita da bes, 6V ne kacal, mutane na tsallake shi.

Wat ɗin nan shi ya fi yaudara. TIP41C an rubuta 65W, sai ka ji daɗi, amma karanta ƙaramin rubutun, TC 25°C, ma'ana sai in ƙarfen bayansa ya tsaya a digiri 25, hitsink na gaske kenan. Shi kaɗai a iska 2W ne. Kuma ina 25 a Accra watan Maris, cikin akwatin roba ƙarƙashin kwano? Ka ce ciki ya kai 45, lissafi bai ba ka ko 1.7W ba. Na taɓa ƙona yatsa a kan wannan, tabon na nan.

Yoyo, wato ICBO, shi ne karan ɗin da ke silalewa alhali tiransista a kashe yake. BC547 iyakarsa 15nA a 30V da 25°C, kamar ba komai. Amma kusan duk ƙarin digiri 10 sai ya ninka, a 65°C ya zama sau 16, kuma in ka bar bes a sake ba a ɗaure ba, gen zai sake ninka shi, da mai harafin C kana iya ganin wajen 0.2mA. Shi ya sa wani LED ke ɗan haske da rana tsaka ba wanda ya kunna, ko batir ya ƙare a ajiye. Maganin resista 10k zuwa 100k tsakanin bes da emita. Tsofaffin jamaniyam na rediyon kakanni kuwa yoyonsu ya fi haka nesa ba kusa ba.

Af, ƙafafu. In mai shago ya ce ba BC547 amma ga 2N3904 "duk ɗaya ne", ka kalli zanen da ke detashit, fuskar da ke da rubutu tana kallonka ƙafafu ƙasa BC547 C B E ne, 2N3904 E B C, C945 kuma E C B. Ka sauke PDF ɗin a waya tun daga gida, ka buɗe a gaban kanta kafin ka miƙa sidinka.