Neman zaman kwamiti kan taki da irin masara na daminar bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba Shugaba, Allah ya ƙara girma. Malam Ma'aji da sauran iyayena da yayyena na kwamiti, ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya, ya zafi?

Ina roƙon mu zauna kafin makon gobe ya fita. Afrilu ya raba tsakiya, kuma kun san da ruwa ya zauna a watan Mayu, kowa gona zai nufa, haɗa mu zai yi wuya. Bara sai da masara ta kai gwiwa yuriya ta iso, na ga gonakin mutanenmu na wajen Shika ganye ya yi ɗorawa. Har yau abin yana damuna, ba na so mu maimaita.

Ga lokuta uku, a zauren Baba Shugaba da ke Samaru:

Asabar mai zuwa, ƙarfe 4:30 na yamma, bayan La'asar.
Lahadi, ƙarfe 10:00 na safe.
Laraba ta sama, ƙarfe 8:30 na dare, bayan Isha'i.

Ni dai na fi son Lahadi, don masu tasowa daga Tudun Wada da cikin birni su wuce Kwangila tun hanya ba ta cushe ba. Na Laraba na sa ne saboda masu shago, amma dare ne, ga masu komawa nesa.

Zaman awa 1 da rabi ne in Allah ya yarda. Malam Ma'aji zai fara da bayanin kuɗin da ke asusu da waɗanda ba su cika nasu ba, minti 15 ya isa. Daga nan sai babbar maganar, wadda na ware wa minti 45: buhu nawa na kamfa da yuriya za mu saya wa mutum 34, wurin wane dila, kuma za mu biya gaba ɗaya ne ko rabi sai kaya sun sauka. A ganina kada a saki kuɗi duka sai an ƙirga buhuna a gabanmu, amma dattawa ke da ta cewa. Sai minti 20 kan iri: mu tura mutum biyu Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru su tambayo irin SAMMAZ da zai dace da gonakin da wuta-wuta ta addaba. Ragowar minti 10 na kuɗin mota ne da addu'a.

Don Allah kowa ya turo mini lokacin da ya fi masa zuwa daren Alhamis. Wanda mafi yawa suka zaɓa zan kai wa Baba Shugaba ya sa albarka, in sanar da ku da safiyar Juma'a. Malam Ma'aji, a taimaka a riƙo littafin asusu da rasitan bara.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ɗanku kuma ƙaninku,
Sakataren kwamiti