Saƙo ga ƙanena kan cinikin bayan Babbar Sallah

Assalamu alaikum ƙanena. Na duba littafin ciniki da ka turo, na ga yadda kasuwa ta kwanta tun da aka gama hawan Sallah. Kada hankalinka ya tashi. Mai gida ya sayi rago, ya yi wa yara ɗinki, ga taki yana jiransa a gona, ga kuɗin makaranta na tafe a Satumba. Mutanenmu na Giwa da Soba da Maƙarfi kuwa sai kaka za mu sake ganinsu da kuɗi a hannu. Ba mu kaɗai ba ne, ka zaga layin 'yan atamfa a Sabon Garin Zariya ka gani.

Abin da nake so ka riƙe: kada wata kalma a tallarmu ta tuna wa mutum cewa aljihunsa ya bushe. Ya sani. Na ga wani ya rubuta "rangwamen masu ƙaramin ƙarfi", wallahi raina bai so ba. Wace mace ce za ta shiga shagon da aka kira ta haka a gaban maƙwabtanta?

Mu fara da tsarin ajiya, domin a nan na fi sa rai. Mace ta zaɓi atamfarta, ta ba da kashi ɗaya cikin uku, mu rubuta sunanta mu ajiye, ta cika cikin mako shida. Kaya ba sa fita sai kuɗi sun cika. Ka san abin da bashi ya yi mana bara, har yau akwai waɗanda suke sauya hanya in sun hango ni, mun rasa kuɗin mun rasa mutanen. Ka ba kowa rasit, in ta fasa a mayar mata da kuɗinta cif, ba musu. Ga abin da za ka sa a WhatsApp:

"Hajiya, kin ga wadda ta kwanta miki? Ki ɗora alama da kashi ɗaya cikin uku, mu ajiye miki mako shida. Farashin yau shi ne farashin ranar da za ki ɗauka, ko kasuwa ta tashi."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ke jawo mutane, saboda kowa na tsoron tashin farashi. Mu kuma dole mu cika alkawarin.

Sai yankan turmi. Ba kowa ke iya ɗaukar yadi shida yanzu ba, amma yadi uku ya ishi riga, ya ishi ɗinkin yarinya. Ka ware zanen da suka kwana biyu a kanta, ka riƙa yankawa. Kada ka taɓa sababbin da na kawo daga Kantin Kwari. Rubuta:

"Rabin turmi ma muna yankawa. Ki zo da ƙawarki ku raba, ko ki ɗauki naki mu nemi mai ɗayan rabin."

Wannan zai yi wa ɗaliban Samaru da Kongo daɗi, ka tura wa yarinyar nan da ke karɓar kaya tana kai musu hostel.

Ragowar shadda da yadin Sallah, ka ɗaure su ƙulli-ƙulli ka jera a bakin shago, ka kira telolin Tudun Wada da muke hulɗa da su kafin kowa. Ko uwar kuɗi muka mayar, ya fi su zauna suna shan ƙurar kasuwa.

Masu haɗa lefe su ne ba sa ɗaga rana don kasuwa ta mutu. Su ba ragi za mu yi musu ba, gyara za mu ba su, domin an fi tuna abin da aka riƙe a hannu:

"Mai haɗa lefe, in ka ɗauki turmi biyar, mayafi ɗaya kyautarmu ce ga amarya. Muna kai kaya cikin birni, Sabon Gari da Samaru ba kuɗin mota."

Ka yi magana da mai Keke Napep ɗinmu ku daidaita kuɗin mako.

Game da yadin makaranta, ka fara talla tun Agusta: "Ku yanki yadin yara yanzu kafin teloli su cika." Gaskiya ce, iyaye sun sha wahalarta.

Kada ka riƙa cika wa mutane waya. Hoto uku a rana ya isa, da farashi a jiki, a ɗauka da hasken safe don launi ya fito yadda yake. Tsofaffin abokan cinikinmu kuwa, irin su Hajiyar Ƙofar Doka, ka kira su ka yi musu barka da Sallah kawai, kada ka ambaci kaya sai in su suka tambaya.

Ina nan tafe ranar Alhamis in Allah Ya yarda, mu zauna mu tsayar da farashin rabin turmin. Ka gaida Inna.

Yayanka