Darasin Asabar: Intagireshan na jerin fawa gaɓa-gaɓa, da yadda ake samo arctan x

Ƙannena 'yan shekarar farko a Tek da muke haɗuwa a Ayigya Zango, assalamu alaikum. Ga takardar darasin wannan makon. Ku karanta ta da biro a hannu, ku sake kowane lissafi a littafinku kafin mu haɗu, don zaman namu ya tafi kan tambayoyinku.

Abin da muka riga muka sani

Makon jiya mun ga jerin jiyometiri:

1/(1 − u) = 1 + u + u² + u³ + …, muddin |u| < 1

Kun kuma san daga kalkulas ɗin zangon farko cewa deribatib na arctan x shi ne 1/(1 + x²). Waɗannan biyun kaɗai muke bukata. A gurbin u mu sa −t², sai mu samu

1/(1 + t²) = 1 − t² + t⁴ − t⁶ + …

Sharaɗin ya zama |−t²| < 1, wato |t| < 1. Ku rubuta shi a gefen layin tun yanzu, domin zai bi mu har ƙarshe.

Dokar

Idan jerin fawa a₀ + a₁x + a₂x² + … yana da radiyos R, ma'ana yana tattaruwa a kan lamba guda ga duk x mai |x| < R, kuma mun kira jimlarsa f(x), to a cikin wannan tazarar an yarda ka yi intagireshan na kowace gaɓa ita kaɗai, sannan ka haɗa:

∫ f(x) dx = C + a₀x + a₁x²/2 + a₂x³/3 + …

Sabon jerin ma radiyos ɗinsa R ne, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Bakin iyaka ne kawai, wato x = R da x = −R, dokar ba ta yi magana a kansa ba. Can sai ka je ka duba da kanka.

Mu yi wa namu jerin haka. 1 ya ba da x, −t² ya ba da −x³/3, t⁴ ya ba da x⁵/5, haka har gaba:

arctan x = C + x − x³/3 + x⁵/5 − x⁷/7 + …

Yanzu C. Yawancinku nan ne kuke tsallakewa, kuma nan ne mai duba takarda yake jiran ku. Sa x = 0. Hagu ya ba da arctan 0 = 0, dama ya ba da C kaɗai, don haka C = 0. A wannan misalin wanda ya manta da C zai tsira da sa'a, amma ranar da aka ba shi arccos x, inda C = π/2, amsar gaba ɗaya za ta karkace. Ku saba da rubuta layin ko da sifili zai fito. A taƙaice:

arctan x = Σ (−1)ⁿ x^(2n+1)/(2n+1), n = 0, 1, 2, …, ga |x| < 1

Me ya ba mu izini?

Hajara ta yi tambaya makon jiya da nake so kowa ya riƙe. Ta ce, "Yaya, mun san intagral na jimlar abu biyu ko uku shi ne jimlar intagral ɗinsu. To abin da ba shi da ƙarshe fa, wa ya ce ya halatta?" Tambayar tana kan hanya. Akwai jeri na fankshan, waɗanda ba jerin fawa ba, da idan ka yi musu haka amsar ƙarya za ka samu. Cikakkiyar hujjar dokar sai kun kai darasin analisis. Amma ta arctan muna iya ganinta yau da idonmu, ba sai mun ari komai ba.

Tsayar da jerin a gaɓa ta t^(2n), ka rubuta abin da ya rage daidai:

1/(1 + t²) = 1 − t² + t⁴ − … + (−1)ⁿ t^(2n) + (−1)^(n+1) t^(2n+2)/(1 + t²)

Wannan aljabara ce zalla, kuma gaskiya ce ga kowane t. Wanda bai yarda ba ya gwada n = 0: 1 − t²/(1 + t²), ya haɗa su ƙarƙashin 1 + t², zai ga 1/(1 + t²) ya dawo. Tunda yanzu gaɓoɓin ƙidayayyu ne, tsohuwar doka ta ishe mu. Yi intagireshan daga 0 zuwa x, sai ka samu x − x³/3 + … + (−1)ⁿ x^(2n+1)/(2n+1), da ragowa. Girman ragowar fa? Tunda 1 + t² bai taɓa yin ƙasa da 1 ba, t^(2n+2)/(1 + t²) ba zai wuce t^(2n+2) ba. Saboda haka

|ragowa| ≤ |x|^(2n+3)/(2n+3)

Ku dubi wannan layin da kyau, shi ne zuciyar darasin. Idan |x| < 1, na sama yana ƙanƙancewa, na ƙasa yana girma, ragowa tana tafiya sifili. Idan |x| = 1, na sama ya tsaya a 1, amma na ƙasa yana ci gaba da girma, to ragowa dai sifili ta nufa. Ashe jerin arctan yana aiki har a x = 1 da x = −1, alhali jerin da muka faro da shi a t = 1 ya zama 1 − 1 + 1 − 1 + …, wanda ba ya zama wuri guda. Rabawar da aka yi da 2n + 1 ce ta ceto bakin iyakar. Layin ya kuma ba mu kyauta ta biyu: kuskuren da ka yi in ka tsaya ba ya wuce gaɓar farko da ka bari.

Mu gwada da lamba

A ce kafinta yana ɗora rufin ɗaki, katakon ya tashi ƙafa 6 a kan nisan ƙafa 12. Kusurwar rufin ita ce arctan(0.5). Gaɓoɓin su ne 0.5, sai 0.125/3 = 0.041667, sai 0.03125/5 = 0.006250, sai 0.0078125/7 = 0.001116, sai 0.001953/9 = 0.000217. Ana cirewa ana ƙarawa bi da bi, jimlar tana tafiya haka:

0.500000, 0.458333, 0.464583, 0.463467, 0.463684

Kun ga yadda take hawa tana sauka, kowane taku ya fi na baya gajarta. Gaɓa ta gaba kusan 0.000044 ce, don haka amsar gaskiya tana tsakanin 0.463640 da 0.463684. Kalkuleta ta ce 0.463648. Amma sai kun sa ta a RAD. Jerin nan da radiyan yake magana, domin deribatib 1/(1 + x²) da radiyan aka samo shi. Wanda ya bar ta a DEG zai ga 26.565, ya zaci lissafinsa ya ɓaci, alhali kusurwa ɗaya ce: 0.463648 × 180/π shi ne digiri 26.57, kuma wannan ne za ka faɗa wa kafinta.

To a gwada x = 2. Gaɓoɓin: 2, 8/3, 32/5, 128/7, wato 2, 2.67, 6.4, 18.3. Girma suke yi, jerin ya watse, duk da cewa arctan 2 lamba ce lafiyayya. Hanyar fita ita ce arctan x = π/2 − arctan(1/x) ga x > 0, sai arctan 2 = 1.570796 − 0.463648 = 1.107148. Wani zai ce, 1/(1 + x²) ba shi da wata matsala a x = 1, me ya hana jerin wucewa? Matsalar tana can cikin lambobin komfileks, a x = i da x = −i, inda 1 + x² yake zama sifili, kuma nisan kowannensu daga 0 ɗaya ne cif. Za ku gamu da wannan a shekarun gaba.

Maganar π

Sa x = 1, tunda mun tabbatar ya halatta:

π/4 = 1 − 1/3 + 1/5 − 1/7 + 1/9 − …

Ni dai har gobe wannan layin yana burge ni: lambobin mara kaɗai, ana cirewa ana ƙarawa, sai ga da'ira ta fito. Madhava, mutumin Sangamagrama a Kerala ta ƙasar Indiya, shi ake danganta wa jerin tun wajen ƙarni na 14, ta bakin almajiran makarantarsa da suka rubuta shi daga baya. James Gregory na Sikotilan ya same shi a 1671, Leibniz kuma bayansa da 'yan shekaru kaɗan.

Sai dai wajen aiki jerin yana da nawa ƙwarai. Gaɓa biyar sun ba da 0.834921, a ninka da 4 ya zama 3.3397, ko 3.1 ba mu kama ba. In kana son π daidai har gida biyar bayan ɗigo, gaɓa dubu ɗaruruwa za ka tara. Dalili yana cikin layin ragowa: a x = 1 na sama ba ya taimakawa ko kaɗan. Maganin shi ne a nemi ƙaramin x. John Machin a 1706 ya yi amfani da

π/4 = 4 arctan(1/5) − arctan(1/239)

ya fitar da π har gida 100 da hannu. Ku gwada: gaɓa huɗu na arctan(0.2) sun ba da 0.1973955, gaɓa ɗaya tak ta arctan(1/239) ta ba da 0.0041841. Huɗu sau na farko, a cire na biyu, 0.7853979, a ninka da 4, ga 3.14159. Gaɓa biyar ne a nan ma.

Inda babu wata hanya

Na arctan mun san amsar tun farko. Amfanin dabarar ya fi fitowa a inda babu rufaffiyar amsa sam. Intagral na e^(−x²), wanda masu karatun kididdiga suke rayuwa da shi, ba a iya rubuta shi da fankshan ɗin da kuka saba da su, komai sauyin da ka yi. Amma e^(−x²) = 1 − x² + x⁴/2 − x⁶/6 + … ga kowane x, don haka intagral ɗinsa daga 0 zuwa x shi ne x − x³/3 + x⁵/10 − x⁷/42 + x⁹/216 − …. A x = 1, gaɓa shida sun ba da 0.7467, ainihin kuma 0.7468.

Aikin gida

Ku faro daga 1/(1 + t) = 1 − t + t² − …, ku samo jerin ln(1 + x), wanda Nicholas Mercator ya buga a 1668. Ku nuna layin C ɗinku. Ku rubuta ragowar kamar yadda muka yi a sama, ku ga ko za ku iya nuna cewa x = 1 ya shiga, sannan ku gaya mini me ya faru a x = −1. A nan bakin iyaka biyun ba hali ɗaya gare su ba, kuma ina so ku faɗi dalili da bakinku.

Bayan haka ku lissafa arctan(1/3) da kuskuren da bai kai 0.0001 ba. Kafin ku taɓa kalkuleta ku fara yanke gaɓa nawa ake bukata, daga layin ragowa. In kun samu, ku haɗa shi da arctan(1/2) na kafintanmu, ku ninka da 4, ku ga abin da ya fito, ku kuma nemi hujjarsa daga dokar tan(A + B).

Na ƙarshe ga masu ƙarfin hali: intagral na arctan(x)/x daga 0 zuwa 0.5, har gida huɗu bayan ɗigo. Raba jerin da x tukuna, sannan ka bi shi gaɓa-gaɓa.

Haɗuwa ranar Asabar bayan La'asar, a ajin makarantar da muka saba. Sulemana da Hajara ne za su hau allo da tambaya ta farko, Fuseni ya ɗauki ta biyu. Kowa ya zo da aikinsa a rubuce, ko da rabi ya kai. Allah ya ba da sa'a.