Bayanin Kasafin Kuɗi: Garkar Mata ta Noman Rani a Karkarar Mirya, Jihar Damagaram

Muna neman tallafin sefa 4,700,000 domin mata 40 su noma garka mai faɗin hekta 1, daga Oktoba zuwa Maris. Filin mai gari ne ya ba mu, da takardar shaida. Takin gida da aikin ƙarfi kuwa matan ne suka ɗauka, saboda haka ba su cikin lissafi.

Ruwa: sefa 1,900,000. Wannan kuɗin haƙa rijiyoyin burtsatse 2 ne marasa zurfi, da famfo mai aiki da hasken rana, da tanki da bututu. Mun auna injin esansi, mun ga ya fi araha ranar saye kawai. Bayan nan kullum sai an zuba masa mai, kuma ranar da asusun mata ya bushe, ranar shuka za ta kwana da ƙishirwa.

Shinge: sefa 1,200,000, na waya mita 400 da turakun ƙarfe da siminti da ƙofa. Mun san a nan mai duba takarda zai so ya rage, shi ya sa muke roƙon a bar shi yadda yake. Da an gama girbin hatsi ake sakin dabbobi, daidai lokacin da garka ce kaɗai kore a karkara. Bara shingen ƙaya muka yi, awaki suka keta shi cikin Disamba, dare ɗaya suka cinye salati da rabin kabeji. Ita ƙayar ma sai an sare itatuwa ake samunta, kuma kowace shekara sai an sake. Ruwa da shinge sun ci kusan kashi biyu cikin uku na kasafin, amma sau ɗaya ake sayensu.

Iri da takin zamani: sefa 350,000, na albasa, tumatir, kabeji, salati da zogale. Kayan aiki, wato kwasa, shebur, bokitai da baro: sefa 250,000.

Malamin gona: jaka 60 a wata har wata 6, sefa 360,000 ke nan. Matan sun iya gero da wake, amma renon irin albasa da haɗa maganin ƙwari da ganyen dogon yaro sai an nuna musu a cikin garka.

Sufuri: sefa 240,000. Man babur ɗin malamin ne daga Zinder, sau biyu a mako, da kuɗin motar da za ta kai amfani Kasuwar Dole ranar Alhamis, inda farashi ya fi na ƙauye.

Mai gadi: jaka 30 a wata, sefa 180,000, domin allunan hasken rana abin ɗauka ne da dare.

Gyara: sefa 220,000. Zai zauna a asusun ƙungiya, ba a taɓa shi sai da sa hannun shugaba da ma'aji. Daga shekara ta biyu, kowace mace za ta riƙa zuba jaka 1 a wata lokacin girbi, daga nan za a biya gadi da gyara.