Takardar Bayanin Kai da Ƙwarewar Aiki

Suna: Falmata Bukar
Mazauni: Maiduguri, jihar Borno
Muƙamin da nake nema: Jami'ar sa ido da rubuta rahoto, shirin abinci da tallafin kuɗi
Harsuna: Hausa, Barbarci da Turanci, sai Larabcin Shuwa daidai na gaisuwa da ciniki

A taƙaice

Tun 2017 nake aikin agaji a Borno da Yobe. Na fara da rajistar magidanta a sansanin 'yan gudun hijira, daga baya na zama mai haɗa rahoton da ake aika wa masu ba da kuɗi. Duk adadin da na sa a rahoto, zan iya nuna takardar rabon da ya fito daga ciki.

Ayyukan da na yi

Babbar jami'ar shiri, wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, Maiduguri da Monguno, 2022 zuwa 2025

Na kula da shirin tallafin kuɗi ga magidanta 4,200, kimanin mutum 23,000, mafi yawansu gidajen da mata ke riƙe da su. Kasafin shirin ya kai dala miliyan 1.3 a shekara, daga masu ba da tallafi biyu, kowanne da tsarin rahotonsa da ranar da yake so a miƙa masa. Jami'an fili tara da 'yan sa-kai 30 ne a ƙarƙashina.

A farkon 2023, da aka shiga ƙarancin takardun naira, wakilan da ke biyan mutanenmu suka rasa tsabar kuɗi, mata na wuni a layi su koma hannu rabbana. Na zauna da 'yan kasuwa 18 da bulamomin unguwanni, muka koma ba da katin karɓar kaya: gero, wake, mai da gishiri. Cikin mako uku rabo ya dawo, bayan na samu amincewar mai ba da kuɗin a rubuce, don ba a sauya amfanin kuɗin tallafi da baki.

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya ci Maiduguri da Jere, na jagoranci tantance gidaje 1,100 a Gwange da kewaye cikin kwana biyar. Da wannan bayanin muka rubuta takardar neman kuɗin gaggawa, aka kuma amince da ita. Aikin ya ƙare a 2025 sakamakon raguwar kuɗin tallafi daga waje.

Jami'ar sa ido da tantancewa, wata ƙungiyar cikin gida, Damaturu da Bade, 2019 zuwa 2022

Shirin yaƙi da tamowa ne a cibiyoyin lafiya 14. Na horar da mata 260 yadda za su auna damtsen 'ya'yansu a gida: idan awo ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa wurin ja a jikin tef ɗin awo, a kawo yaro cibiya a ranar. Na tsara tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, ina tace bayanai a Excel, ina cike jadawalin 5W duk wata, wato mai nuna wa ke yin me, a ina, yaushe, kuma don wa. Wajen tacewar ne na gano sunaye 312 da aka yi wa rajista sau biyu. Na sanar da shugabanni, muka gyara adadin a rahoton zangon duk da ya rage mana yawan masu cin gajiya.

Akwatin ƙorafi kuwa ba ya cika, don yawancin matan ba sa rubutu. Sai na buɗe teburin sauraro a ranar rabo, mace ce ke zama a kai, a gefe inda maza ba sa ji. A nan ne ƙorafin gaskiya ya fara fitowa.

Mai rajista, sansanin Bakassi, Maiduguri, 2017 zuwa 2019

Rajistar sababbin zuwa, rabon abinci da bibiya bayan rabo, tanti zuwa tanti.

Karatu

Digirin farko a ilimin zamantakewar al'umma, Jami'ar Maiduguri, 2015. Hidimar ƙasa a jihar Jigawa, 2016. Na halarci horo kan kare masu cin gajiya daga cin zarafi da lalata, da kan tsaron ma'aikaci a fili.

Ƙwarewa

Rubuta rahoton wata da na zango, da bin kasafi layi-layi tare da sashen kuɗi. Aiki da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha da shugabannin al'umma. Na saba da kwana a fili da shiga jirgi mai saukar ungulu zuwa garuruwan da hanyar mota ba ta da tabbas, kamar Dikwa da Ngala.

Shaidu

Tsofaffin shugabannina biyu sun amince a tuntuɓe su. Sunayensu da lambobinsu, har da tawa, suna cikin wasiƙar neman aikin da ke haɗe da wannan takarda.