Wasiƙa zuwa ga ɗan haya kan ƙorafin hayaniyar dare

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Malam Habibu,
Fulat mai lamba 8, hawa na biyu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Dalilin wannan takarda shi ne ƙorafin da gidaje uku na wannan bene suka kawo mini game da ƙarar da ke fitowa daga fulat ɗinka da dare. Ban so na rubuto maka a kan ji-ta-ji-ta ba, shi ya sa na ce kowa ya riƙa rubuta rana da lokaci. Ga abin da ya zo ɗaya a bayanansu: daren Juma'a 2 ga Mayu, kiɗa har kusan ƙarfe 1:30, daren Laraba 7 ga wata, ihun kallon ƙwallo da jan kujeru har bayan sha biyu, sai daren Asabar 10 ga wata, kiɗa da baƙi masu hira a kan matattakala har ƙarfe 2:00. A wannan daren na ƙarshe ni da kaina na shiga ɗakin da ke ƙasan falonka wajen sha biyu da rabi. Taga a rufe take, amma dum-dum ɗin kiɗan har gilashi yake girgizawa.

Na fi kyautata zaton cewa ba ka san abin ya kai haka ba. Kai da ke zaune a falo kana jin waƙa daidai kunnenka. Na ƙasa kuwa ba ya jin muryar mawaƙi, bugun kawai yake ji, domin sauti mai nauyi ta cikin kankare yake bi, rufe ƙofa ko taga ba ya tare shi. Idan sifika tana zaune kai tsaye a kan tayil ko ta jingina da bango, ginin ne gaba ɗaya ke ɗaukar bugun. Haka ma jan kujera: a wurinka ɗan ƙii ne, a ƙasa kuwa ya isa ya tashi mai barci.

Ba duk abin da aka kawo na karɓa ba. An yi maganar gudun yaranka da rana da kukan jariri da dare, na kuwa faɗa wa masu ƙorafin cewa wannan ba laifi ba ne. Duk wanda ya zaɓi zaman bene dole ya haƙura da motsin maƙwabcinsa. Magana a kan dare take. Sashe na 9 na yarjejeniyar hayar da ka sa wa hannu ya hana duk wata ƙara da za ta dami maƙwabta daga ƙarfe 10:00 na dare zuwa 6:00 na safe, kuma abin da baƙinka suka yi a cikin ginin nan yana wuyanka.

Saboda haka ina roƙonka, daga yau in goma ta yi a kashe babbar sifika, a koma ƙarar talabijin ta daidai ko abin sa wa a kunne. A janye sifikar daga jikin bango, a ɗora ta a kan roba mai kauri ko kafet, a kuma liƙa wa ƙafafun kujeru ɗan ƙyalle. In za a raka baƙi, a yi sallama a cikin gida, matattakala tana amsa murya har hawa na ƙarshe. Ranar da kake da wani taro, ka sanar da ni kwana biyu kafin nan don in gaya wa maƙwabta, mu kuma tsayar da lokacin tashi.

Ba zan faɗi sunayen waɗanda suka kawo ƙorafi ba, kuma don Allah kada ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa kana neman ba'asi. Duk abin da kake da shi, ni za ka faɗa wa.

Ban ji ta bakinka ba tukuna. Ina ofis ranar Alhamis 15 ga Mayu da ƙarfe 5:00 na yamma. Ka zo mu zauna. In akwai daren da ba ka gida, ko kana ganin ƙarar daga wani wuri take, ka zo da bayaninka, zan bincika. In lokacin bai yi maka ba, ka bar wa mai gadi saƙo mu sa wani.

Zan ci gaba da bibiyar lamarin har Litinin 26 ga Mayu. In an samu sauƙi, magana ta wuce. In ƙarar ta ci gaba, gargaɗi na ƙarshe zai biyo baya a rubuce, sannan in miƙa wa mai gida lamarin ya ɗauki matakin da yarjejeniya da doka suka ba shi, wanda zai iya kaiwa ga notis ɗin tashi. Shekara biyu kana nan ba mu taɓa samun saɓani da kai a kan kuɗin haya ko wani abu ba, ba na so a kai can.

Na ajiye kwafin wannan takarda a fayil ɗinka.

Naka,
Malam Umaru
Mai kula da gini, a madadin mai gida